Yadda za ka saita wayarka cajin safe ya kai ka dare

Tun da zafi ya kama a Zariya tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini: "Malam, batirina ya daina riƙe caji, in je in canza shi ne?" Amsata kullum ita ce ka dakata tukuna. Yawancin wayoyin da ake kawo mini da wannan ƙorafi batirinsu lafiya lau yake, allo ne da wasu manhajoji biyu ko uku ke shanye shi. Abin da za ka tanada ba yawa: wayar, takarda da biro, kamar minti 30 na zama, sai haƙurin dare biyu ko uku. Ba za ka kashe ko kwabo ba.

Zan bi matakan ne da wayar ƙanwata da ke karatu a Samaru, domin a kanta na yi aikin daga farko har ƙarshe. Wayar Android ce mai batir 5000 mAh, ta shekara ɗaya da rabi a hannunta. Tana cire ta daga caji da ƙarfe 7 na safe a cike, kafin la'asar ta koma kashi 15, dole ta kai ta shagon mai caji. Sunayen saiti sun bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, saboda haka in ba ka ga suna yadda na rubuta shi ba, buɗe Settings ka rubuta shi a wurin bincike da ke sama.

1. Auna kafin ka taɓa komai

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, shi ya sa mutum zai kashe saiti goma a rana ɗaya, gobe bai san wanne ya yi amfani ba, wanne kuma ya ɓata masa aiki.

Da daddare, in za ka kwanta, cire wayar daga caji ka rubuta kashin da take da kuma lokaci. Bar data da komai yadda ka saba barinsu. Da asuba, kafin ka buɗe kowace manhaja, ka sake dubawa. A abin da na saba gani, wayar da ke lafiya takan sauke kashi 2 zuwa 5 cikin awa bakwai. In ta wuce kashi 10, to akwai abin da ke aiki kai kana barci. Ta ƙanwata ta kwana a 64, ta wayi gari a 47. Kashi 17 ke nan, ba tare da ko kira ɗaya ba.

A dare na biyu ka maimaita, amma ka kunna Airplane mode. Wannan shi zai raba maka gardama. In zubar ta tsaya, matsalar tana tattare da sabis ko manhajojin da ke hawa intanet a ɓoye. In ta ci gaba da zuba kamar jiya, ko dai wata manhaja ce da ba ta buƙatar data, ko kuma batirin ne da kansa ya gaji. Tata ta sauke kashi 3 kacal a daren na biyu, nan na san batirin ba shi da laifi.

Daga nan ka shiga Settings, sai Battery, sai Battery usage. A Tecno da Infinix sau da yawa wurin yana ƙarƙashin Battery Lab ko Power Marathon. Za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta ci. Kada ka tsaya a kan wadda ke saman jeri. In ka yi awa uku kana kallon bidiyo, dole manhajar bidiyon ta zo ta ɗaya, haƙƙinta ne. Wadda kake nema ita ce wadda ba ka buɗe ba yau, amma ga ta a jerin, ko wadda lokacinta na Background, wato aikin ɓoye, ya ninka lokacin da ka yi kana kallonta. Rubuta sunayensu, za mu dawo kansu a mataki na 3.

2. Allo, babban mai ci

Da rana, in waya tana hannu, babu abin da ya kai allo shan batir. Kuma a nan ne ɗabi'a ke cutar mutane. Ka fito tsakar rana a Kwangila kana jiran mota, rana ta ƙwalle, ba ka ganin rubutu, sai ka ja haske har ƙarshe. Ka shiga ɗaki ko aji, ka manta. Haka wayar za ta wuni tana haska ɗaki kamar fitilar ƙwai.

Shiga Settings, sai Display, ka kunna Adaptive brightness. A wasu wayoyin sunansa Auto brightness ko Automatic brightness. A iPhone an ɓoye shi ne a Accessibility, cikin Display & Text Size, can ƙasa. Aikinsa shi ne ya riƙa auna hasken wurin da kake ta wani ɗan ido da ke saman waya, kusa da kyamarar gaba, ya ƙara haske a rana, ya rage a inuwa.

Mutane da yawa sun taɓa kunna shi suka kashe, wai yana musu duhu ko yana wasa da haske. Ga abin da ba a faɗa musu ba. Tun daga Android 9, wanda ya fito a 2018, a wayoyi da dama wannan saiti yana koyon abin da kake so. In ya yi maka duhu, kada ka kashe shi, ka ja sandar hasken kaɗan zuwa inda idonka ya gamsu, ka bar shi a kunne. In ya yi yawa a ɗaki da daddare, ka ja shi ƙasa. Bayan kamar mako guda yana yin haka da kansa. Dabarar ita ce duk lokacin da za ka gyara, ka tsaya a mafi ƙarancin hasken da kake karatu ba tare da ka matse ido ba, domin abin da ka koya masa shi zai riƙe. A ƙananan wayoyi masu araha ba ya koyon komai, bin idon kawai yake yi, amma ko hakan ya fi a bar haske a ƙarshe.

Gargaɗi a nan: duba gilashin kariyar da aka manna maka. Irin mai baƙin gefe ɗin nan, in mai mannawa bai daidaita shi ba, yakan rufe idon, sai waya ta ɗauka kullum dare ne, ta ƙi ƙara haske ko a rana. Ƙurar hunturu da maiƙon fuska ma suna yin haka. Gwajin mai sauƙi ne: kunna saitin, ka rufe saman wayar da tafin hannu, allo ya kamata ya dusashe cikin 'yan daƙiƙu, ka haska masa tocila, ya kamata ya ƙaru. In bai motsa ba, goge wurin da tsumma mai laushi ka sake. Irin gilashin da ke hana na gefenka leƙen allo kuwa, shi kansa duhu ne da shi, yana tilasta ka ƙara haske. In batir ne damuwarka, ka yi tunani kafin ka saya.

Sauran saiti uku a wannan shafin. Screen timeout ka mayar da shi daƙiƙa 30. Na ƙanwata minti 10 na tarar, ta ce don karatun takardun lacca ta sa. To, amma duk saƙon da ta duba ta ajiye waya, allon sai ya yi minti 10 yana ci a banza. Sai Screen refresh rate, wanda Samsung ke kira Motion smoothness: in yana kan 90Hz ko 120Hz, dawo da shi 60Hz, a Samsung ka zaɓi Standard. Kwana ɗaya za ka ji kamar wayar ta ɗan yi nauyi wajen ja sama da ƙasa, daga nan ido ya saba.

Na uku shi ne Dark mode, kuma a nan ake yawan ruɗin mutane. Baƙin allo yana rage shan batir ne kawai a waya mai allon AMOLED ko OLED, domin a irinsa kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙi kuwa a kashe yake. Allon LCD fitila ɗaya ce a bayansa, tana kunne ko hoton fari ne ko baƙi. In ba ka san irin naka ba, shiga ɗaki mai duhu, ka buɗe hoto baƙi ƙirin, ka ƙara haske. In allon ya yi toka-toka yana ɗan haske, LCD ne. In ya zama kamar an kashe wayar, AMOLED ne. Na ƙanwata LCD ne, sai na ce ta bar launin da ya fi mata daɗin ido.

3. Manhajojin da ke aiki a ɓoye

Ɗauko takardar nan ta mataki na 1. Kafin ka taƙaita kowace manhaja, raba su gida uku a rubuce.

Gida na farko, waɗanda dole saƙonsu ya iso ka a kan lokaci: WhatsApp, manhajar banki, agogon ƙararrawa, manhajar lokutan sallah, da duk abin da kake sana'a da shi. Waɗannan ba a taɓa su. Gida na biyu, waɗanda kake buɗewa kullum amma ba ka buƙatar su kira ka: manhajojin bidiyo, na sada zumunta, na labarai. Gida na uku, waɗanda ka manta ma suna wayar.

Fara da gida na uku. Cire su gaba ɗaya. Wadda ta zo da wayar kuma ta ƙi cirewa, danna Disable in akwai. A wayar ƙanwata manyan ɓarayin biyu a nan suke: wata manhaja mai iƙirarin tsaftace waya da sanyaya batir, da wata ta tura fayil da ke jefo talla ko ba a buɗe ta ba. Da na nuna mata ta farkon a jerin masu ci, cewa ta yi, "Haba Yaya, ai ita ce ke gyara mini batirin." Na ce to ga shi ita ce ta biyu wajen cinye shi. Irin waɗannan manhajoji sai sun zauna a kunne dare da rana kafin su yi abin da suke cewa suna yi, ga talla da suke saukowa da datarka. Mai gadi ne da ke kwasar kayan gida.

Gida na biyu kuma, ka danne alamar manhajar, ka shiga App info, sai Battery ko App battery usage. Daga Android 12 zuwa sama za ka ga zaɓi uku: Unrestricted, Optimized da Restricted. Optimized shi ne na asali, wayar ce ke yanke hukunci. Restricted yana hana ta motsi in ba ka buɗe ta ba, shi za ka zaɓa wa 'yan gida na biyu da suka fito a takardarka. A Samsung ka bi ta Battery zuwa Background usage limits. Sleeping apps suna ɗan motsawa jefi-jefi, Deep sleeping apps kuwa ba sa motsi sam sai ka buɗe su, kuma sanarwarsu ba za ta zo ba. A Redmi akwai Autostart, a Tecno da Infinix akwai Auto-start management cikin Phone Master. Kashe shi ga duk wadda ba ta gida na farko ba. Mai iPhone ya shiga General, sai Background App Refresh, ya kashe wa ɗaya bayan ɗaya. In wayarka tana da Adaptive Battery, bar shi a kunne, shi ke lura da manhajojin da ba ka cika buɗewa ba yana rage musu abinci.

Gargaɗi, kuma a jikina na koye shi. Wata shekara da azumi na bi manhajojina kaf na taƙaita, har da wadda na dogara da ita ta tashe ni sahur. Ba ta yi ƙara ba. Kiran assalatu ne ya tashe ni, na ɗauki azumi da ruwan da na sha tun bayan tarawihi. Tun daga ranar, duk manhajar da ke da ƙararrawa nakan sa ta a Unrestricted, a Samsung kuma cikin jerin Never sleeping apps, sannan in gwada: in sa ƙararrawa ta minti 20, in kulle wayar in ajiye, in ga ko za ta buga. Mai sayar da kaya da ke jiran shaidar shigar kuɗi ta manhaja, shi ma ya yi irin wannan gwaji kafin ya tsaya gaban mai saye yana ta jan allo.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka mayar da share manhajojin da ka buɗe kwanan nan al'ada, kana watsar da su duk bayan minti biyar. Android ta riga ta daskarar da yawancinsu, in ka kore su sai sun taso daga farko, tasowar kuwa ta fi ci. Sannan akwai wani saiti a Developer options mai suna Background process limit da ake yawan yaɗawa a bidiyo. Ba don wannan aka yi shi ba, yakan sa manhajoji su riƙa mutuwa suna tashi, kuma a wayoyi da yawa yana komawa yadda yake da zarar an kashe waya an kunna.

Ƙaramin ƙari ga 'yan rukunoni: a WhatsApp shiga Settings, sai Storage and data, ka cire bidiyo da hotuna daga abin da ke sauka da kansa. Ɗaliba mai rukunin aji, na sashe, na unguwa da na dangi, wayarta kwana take tana sauke abin da ba za ta kalla ba.

4. Sabis da layi biyu

In sabis ya yi rauni, waya ƙara ƙarfi take yi don ta kamo shi, kamar mai ɗaga murya ya kira na nesa. Shi ya sa cikin ɗakin da sanda ɗaya ce ke fitowa, ko a mota tsakanin Zariya da Kaduna inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, za ka ji ta yi ɗumi ba ka taɓa ta ba. In kana da layi biyu kuma ɗaya ba ya kamawa a inda kake kwana, kashe shi da daddare a saitin SIM. In akwai 5G a wayar amma babu shi sosai a unguwarku, mayar da Preferred network type zuwa 4G. A Location kuma ka nemo Wi-Fi scanning da Bluetooth scanning ka kashe, domin suna sa waya ta riƙa lalube ko ka kashe Wi-Fi ɗin. Hotspot kuwa, da an gama a kashe shi, yana cikin masu saurin kwashe caji da dafa waya.

5. Yanayin tanadin batir, da lokacin kunna shi

Sunansa Battery Saver, ko Power saving, ko Power Boost, a iPhone kuma Low Power Mode. In ka kunna shi, yakan rage aikin ɓoye, ya jinkirta shigowar saƙon imel, ya dusashe allo kaɗan, ya rage gudun wayar. A Samsung har za ka ga zaɓin da ke tsayar da gudun a kashi 70 da wanda ke rage haske da kashi 10.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jira sai waya ta yi kuka a kashi 20 ko 15 kafin a kunna. Mu yi lissafi da misali. A ce wayarka tana cin kashi 10 a awa, in an kunna tanadi kuma ta koma cin kashi 8. Ka kunna a kashi 20: maimakon awa biyu za ka samu awa biyu da rabi, ribarka rabin awa. Ka kunna tun tana kashi 80: maimakon awa takwas za ka samu awa goma, ribarka awa biyu. Saiti ɗaya ne, lokacin kunnawa ne ya bambanta. Saboda haka ranar da ka san an ɗauke wuta kuma ba alamar dawowarta, ko za ka wuni a kasuwar Sabon Gari, ko tafiya ce a gabanka, kunna shi tun kana fita daga gida. Ran da kake kusa da soket ba ka buƙatarsa.

In wayarka tana da Set a schedule, zaɓi Based on percentage ka ɗaga shi zuwa 40 ko 50, don ya kunna kansa ko ka manta. A iPhone ka sani yana kashe kansa in caji ya kai kashi 80, sai ka sake kunnawa da hannu in ka cire ta.

Gargaɗi: a wannan yanayi saƙonni na iya makara, taswira kuma na iya daina bin ka in allo ya mutu. Mai Keke Napep ko ɗan aike da ke aiki da taswira ya kula da wannan.

Akwai kuma mai tsanani, Ultra Power Saving ko Ultra battery saver. Wannan yana rufe kusan komai, ya bar maka kira, saƙon tes da 'yan manhajoji kaɗan da ka zaɓa. Na ranar ƙunci ne, misali kana kashi 10 a tashar mota kuma dole a same ka a waya. Shiga cikinsa yau, da cajinka a cike, ka zaɓi manhajojin da kake so ya bari, ka kuma ga inda ake fita. Na ga wanda ya kunna shi a rikice ya ɗauka wayarsa ce ta lalace.

6. Sake aunawa, ka san inda saiti ya tsaya

Bayan kwana uku ka maimaita gwajin dare, da data a kunne kamar daren farko. Zubar dare a wayar ƙanwata ta ragu daga kashi 17 zuwa 4. Da rana kuma, cajin ƙarfe 7 na safe yana kai ta bayan isha'i da kusan kashi 25, in ba ta zauna kallon bidiyo ba. In ta zauna, babu saitin da zai cece ta, na kuma faɗa mata haka.

In ka yi duk wannan ba abin da ya canza, duba waɗannan alamu: caji ya yi tsalle daga 30 zuwa 5 cikin minti kaɗan, waya ta mutu da ka buɗe kyamara alhali tana nuna 20, ko ta cika cikin ɗan lokaci ta kuma zube cikin ɗan lokaci. Wannan batirin ne ya tsufa. Batirin lithium yakan rage ƙarfi a hankali, bayan cikakken caji kamar 500 da yawansu ba sa riƙe fiye da kashi 80 na abin da suke riƙewa suna sababbi, zafi kuma yana gaggauta hakan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35, kada ka yi caji a ƙarƙashin matashi ko a gaban gilashin mota, ka cire mata riga in ta yi zafi, kuma kada ka haɗa caji da kallon bidiyo. A shagon mai caji ma ka lura inda ake ajiye ta, wayoyi ashirin a jibge kan juna cikin akwatin katako ƙarƙashin rufin kwano ba ƙaramin gashi ba ne.

In kuwa ka ga murfin baya ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jikin wayar, batirin ya kumbura. Kashe ta, kada ka sake sa ta a caji, kada ka danne ta don ta koma. Kai ta wurin mai gyara a ranar, ka ce ya nuna maka sabon batirin da lambar da ke jikinsa kafin ya rufe wayar.